Amsoshin Tambayoyinku: Taki Ne Ya Yi Aiki, Ko Ƙasa Ce?

Tambaya

 Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta kimiyyar noma, kuma nan da mako uku zan tsaya gaban malamai in kare aikina. A daminar da ta wuce na yi gwajin takin yuriya a kan masara, mataki huɗu: babu yuriya ko kaɗan, sai kilo 40, kilo 80 da kilo 120 na naitirojin a kowace hekta. Kowane mataki na maimaita shi sau huɗu, fuloti 16 ke nan, kuma duka na zuba musu supa da fotash daidai wa daida. Matsakaicin abin da na samu shi ne tan 1.6, da 2.5, da 3.2, da 3.4 a hekta.

Abin da ke hana ni barci, Malam, gonar tana da ɗan gangare. Wani fuloti mai kilo 40 da ke ƙasa ya ba ni tan 3.2, alhali mai kilo 120 da ke kan tudu 2.7 kawai ya bayar. Ga kuma wani fulotin da ban sa wa yuriya ba, kusa da wani tsohon suri, ya yi kore shar ya fi 'yan'uwansa. Samfurin ƙasa ɗaya tak na kai ɗakin gwaji, wanda na tattaro daga ko'ina a gonar na gauraya. Ga taswirar gonar da takardar lissafina da babina na tattaunawa na haɗo. Waɗanne tambayoyi zan sa rai da su? Kuma in cire fulotin surin ne, ko in bar shi?

Daga wata ɗaliba, jihar Kaduna.

Amsa

 Ki kwantar da hankalinki, na duba takardunki, kuma gwajinki bai lalace ba. Malaman da za su zauna gabanki za su yi ta sauya wa tambaya riga, amma kusan duk abin da za su tambaya a kan irin wannan aiki yana komawa ga abu guda: ta yaya kika san bambancin da kika gani daga takin ya fito, ba daga ƙasar ba? Idan kika riƙe wannan, ko ta ina aka ɓullo miki za ki gane inda aka dosa.

Yawanci ba da teburin sakamako ake farawa ba. Wani daga cikinsu, sau da yawa malamin da aka gayyato daga wata jami'a, zai ce ki koma kan taswira ki nuna masa inda tudu yake da inda ruwa ke gangarawa, sannan ya tambaye ki dalilin da ya sa kika jera rukunanki yadda kika jera su. A taswirarki na ga kowane rukuni, abin da ku ɗalibai kuke kira bulok, ya kwanta ne a gicciye, ya ratsa gangaren, fuloti huɗunsa duk a tsayi ɗaya. Rukuni na farko yana kan tudu, na huɗu yana ƙasa. Wannan shi ne daidai, amma bai isa ki ce "haka malamina ya ce in yi" ba. Ki faɗi dalilin da bakinki: ana so fulotai huɗun da ke cikin rukuni ɗaya su yi kama da juna iyakar iyawa, a tura bambancin ƙasa ya koma tsakanin rukuni da rukuni, inda lissafi zai iya ware shi ya ajiye gefe. Da kin miƙe rukunan sun bi gangaren daga sama zuwa ƙasa, da kowane rukuni ya haɗa tudu da kwari a cikinsa, sunan rukuni kawai zai rage, amfaninsa ya tafi.

Wannan matsala ta girme mu duka. A tashar bincike ta Rothamsted a Ingila, Mercer da Hall sun ɗauki eka ɗaya ta alkama wadda ido ke gani iri ɗaya ce, iri ɗaya aka shuka, aiki ɗaya aka yi mata, suka yanka ta gida 500 suka auna kowanne dabam. A rahoton da suka fitar a 1911, gidan da ya fi yawa ya kusa ninka wanda ya fi ƙaranci, ba tare da an bambanta musu komai ba. A wannan tasha ce R. A. Fisher ya fara aiki a 1919, kuma daga can aka samo tsarin da kika bi: maimaici, ƙuri'a, da rukuni. Ba sai kin kawo wannan tarihi a gabansu ba, amma yana da kyau ki san cewa ba a kanki aka fara ganin gona ta yi son kai ba.

To, mu koma kan abin da ke hana ki barci. Na haɗa matsakaicin kowane rukuni daga takardarki, daga sama zuwa ƙasa: kusan tan 2.1, 2.5, 2.9, 3.3. Wato tun kafin a yi maganar yuriya, saukowa daga kan tudu zuwa ƙasan gonar kaɗai yana ƙara tan 1.2 a hekta, buhu goma sha biyu ke nan. Ƙarin yuriya daga kilo 40 zuwa 120 kuwa tan 0.9 ya ƙara. Saboda haka idan mai 40 na ƙasa ya doke mai 120 na tudu, babu abin mamaki, gangaren ne ya fi ƙarin takin ƙarfi. Ba a kwatanta fuloti na rukuni ɗaya da na wani rukuni. Mai 120 na tudu da maƙwabtansa uku na tudu ake gwada shi, kuma a can shi ne kan gaba. Idan an jefo miki wannan tambaya, amsar ke nan, kuma ki nuna ta da yatsa a kan teburin.

Akwai wani abu da zai ƙara miki ƙarfin gwiwa, ki yi shi kafin ranar. A teburin `ANOVA` ɗinki, saura, wato bambancin da taki bai bayyana shi ba rukuni ma bai bayyana shi ba, ya tsaya a 0.16. Tushensa 0.4, idan aka raba da babban matsakaici 2.7 sai `CV` ya fito kashi 15 cikin ɗari. Ga gwajin masara a gonar damina, ba wanda zai ɗaga miki gira a kan wannan. `LSD` ɗinki kuma haka ya fito:

```
LSD = t × √(2 × MSE / r)
    = 2.262 × √(2 × 0.16 / 4) = 0.64
```

Yanzu ki sake lissafin kamar ba ki yi rukuni ba. Bambancin gangaren gaba ɗaya zai zube cikin saura, 0.16 ta koma kusan 0.39, `CV` ya hau kashi 23, `LSD` ya kai 0.96. Da wannan ma'auni, tazarar tan 0.9 da ke tsakanin fulotin da babu yuriya da mai kilo 40 ba za ta tsallake ba. Wato da ba don yadda kika jera rukunanki ba, da lissafi ya ce miki kilo 40 na naitirojin bai tabbata ya yi wa masara komai ba, abin da kowane manomi zai yi wa dariya. Idan aka ce miki "rukunan nan sun yi amfani kuwa?", waɗannan lambobi biyu, 0.64 da 0.96, sun wadatar.

Daga nan za a tambaye ki yadda kika raba matakan taki a cikin kowane rukuni. Amsar da ake so ita ce ƙuri'a, kuma sabuwar ƙuri'a ga kowane rukuni. Ɗalibai da yawa suna jefa ƙuri'a sau ɗaya su kwafe jerin sau huɗu, sai ka ga duk fulotan kilo 120 sun yi layi a gefen gabas. Idan gefen nan akwai gawo, ko tsohon mashekarin shanu, ko hanyar da ruwa ke bi, to takin da wurin sun cakuɗe, babu lissafin da zai raba su. Taswirarki ta nuna jerin ya sha bamban daga rukuni zuwa rukuni, don haka ki faɗi yadda kika yi kawai, ko takardu kika naɗe kika zuba a hula ko kwamfuta ce ta fitar miki. Ki kuma shirya wa ƙaramar tambaya mai biyo baya a gona mai gangare: me ya hana ruwa kwasar yuriyar fulotin sama ya kai wa na ƙasa? Ki san faɗin ratar da kika bari tsakanin rukunai, da inda kunyoyinki suka fuskanta, da ko binne takin kika yi ko watsawa, da ko an yi ruwa mai ƙarfi a ranar.

Inda nake ganin za a matse ki da gaske shi ne samfurin ƙasa, kuma a nan ne nake so ki fi daɗewa kina tunani. A babinki na tattaunawa kin rubuta cewa rukunan ƙasa sun fi amfani "saboda sun fi sinadaran gina shuka". Mai jarrabawa zai ɗago kai ya ce: wa ya gaya miki? Kin tattaro ƙasa daga ko'ina kin gauraya a bokiti ɗaya. Wannan samfuri yana iya faɗin yadda gonar take a dunƙule, kamar `pH` ɗinta da yawan ruɓaɓɓen abin da ke cikinta, amma da hannunki kika shafe bambancin da ke tsakanin tudu da kwari a lokacin da kika gauraya. Abin da kika tabbatar shi ne amfani ya ƙaru daga sama zuwa ƙasa. Dalilin ƙaruwar ba ki auna shi ba. Yana iya zama abinci ne ruwa ya wanko ya tara a ƙasa. Yana iya zama laka ce ta fi yawa a can, tana riƙe danshi idan ruwa ya ɗauke kwana goma. Yana iya zama a kan tudu marmara ko tsakuwa tana kusa, saiwa ba ta samun zurfi, wanda abu ne da ake yawan gani a tudun ƙasarmu ta savana. Kowanne daga cikinsu zai haifar da jerin lambobin da kika samu.

Mako uku ya ishe ki gyara wani ɓangare. Turakunki na nan ko alamarsu na nan, don haka ki koma gonar. A kowane rukuni ki ɗebi ƙasa a wurare takwas zuwa goma, daga sama zuwa zurfin santimita 20, ki gauraya na rukunin kaɗai, ki fito da samfuri huɗu. Ki nemi a auna miki abubuwan da ba sa canzawa da sauri: rabon yashi da laka, `pH`, da ruɓaɓɓen abu. Kada ki ɓata kuɗi a kan naitirojin mai narkewa, domin shi daga wata zuwa wata yake canzawa, ga shi kuma ke da kanki kin zuba yuriya daban-daban. Ko da ɗakin gwaji ya ce ba zai gama a kan lokaci ba, akwai abin da ba ya bukatar ko sisi. Ki haƙa rami ɗaya a kowane rukuni, ki sa ma'auni ki ga a zurfin nawa kike cin karo da tsakuwa. Ki jiƙa ƙasar a tafin hannu ki murza tsakanin yatsu: ta tudu mai yiwuwa ta wargaje tana ƙaras-ƙaras, ta ƙasa kuma ta miƙe ta yi zare kafin ta karye. Ki ɗauki hoto da ma'aunin a cikin ramin. A wurin gabatarwa ki faɗa a fili cewa bayan girbi kika ɗauki waɗannan, kuma samfuri huɗu alama kawai suke bayarwa. Sannan ki gyara waccan jimla ta koma "mai yiwuwa", ko ki maye ta da abin da ramin ya nuna miki.

Idan akwai dattijon da ya daɗe yana aiki a gonar, ki tambaye shi tarihinta. Shi ya san inda aka taɓa zuba juji, da inda aka sare ɗorawa, da gwajin da aka yi a wurin bara. Gonakin makarantu suna da wannan larura ta musamman: ɗalibin bara ya zuba supa ko takin kaji a wasu fulotai ya tafi da digirinsa, ragowar tana nan a ƙasa tana jiran wanda zai gada. Fosfaras musamman ba ya gushewa a shekara ɗaya. "Me aka shuka a nan kafin ki zo, kuma me aka zuba?" tambaya ce da ba ta cika wuce ɗalibi ba.

Sai fulotin suri. Kada ki cire shi a ɓoye, wannan kam babu ja. Gara tana haƙo laka daga can ƙasa ta tara a sama, kuma idan suri ya tsufa ya baje, kewayensa sau da yawa ya fi sauran gona riƙe ruwa da abinci, ko da yake tsakiyarsa kan yi tauri ya zama fako. Masu bincike na ICRISAT a Sadoré, kudu da Yamai, sun daɗe suna nazarin irin wannan a gonakin gero, inda shuka ke bambanta ƙwarai a tazarar taku kaɗan saboda tsohon suri, ko gindin gawo, ko ɗan tudun yashi. Abin da kika gani sananne ne, yana da dalili, kuma dalilin ba shi da alaƙa da matakin takin da ƙuri'a ta ba fulotin.

Ga lambobin fulotanki huɗu marasa yuriya, daga sama zuwa ƙasa: 0.9, 2.1, 1.5, 1.9. Na biyun shi ne na suri. Bisa yadda gangaren ke tafiya, ana sa ran ya faɗo tsakanin 0.9 da 1.5, sai ga shi ya fi har na can ƙasa. Ki lura da ɓangaren da ya karkatar da sakamakonki. Ya ɗaga matsakaicin marasa yuriya, don haka ya rage girman tasirin takin, bai kumbura shi ba. Ya kuma ƙara saura, ya faɗaɗa `LSD`. Ma'ana duk abin da kika tabbatar da shi a ciki, kin tabbatar ne duk da cikas ɗin da ya kawo. Wannan magana ce mai ƙarfi a bakin ɗalibi.

Shawarata, ki bar shi a babban lissafi, sannan ki sake yin lissafin kina ɗaukar sa a matsayin fulotin da ya ɓace, ki nuna duka biyun. A na biyun lambar `df` ta saura za ta sauko daga 9 zuwa 8. Idan hukuncin bai canza ba, ki ce bai canza ba, a wuce wurin. Ƙa'idar da malamai ke nema ita ce: ana iya ware fuloti idan akwai dalili na zahiri da aka rubuta a littafin gona tun kafin a ga nauyinsa, kamar shanu sun shiga sun cinye, ko ruwa ya kwanta a kai. Ba a ware shi don lambarsa ta ɓata wa mutum zane. Kuma ki sa rai za a ce miki: tun da kin ga surin ranar da kike kafa turaku, me ya sa ba ki kauce masa ba? Idan fili ne ya yi kaɗan, ki ce fili ne. Rukuni ba dole ne ya manne da ɗan'uwansa ba, ana iya tsallake suri a ci gaba, kuma faɗin haka zai nuna kin fahimci abin da ya kamata a yi.

Akwai malamin da ba ruwansa da duk wannan, shi alƙalami zai miƙo miki ya ce ki ɗauki fuloti ɗaya ki nuna yadda kika tashi daga sikeli kika isa tan a hekta. Ɗalibai da yawa a nan suke zamewa, domin wani ne ya buga musu a kwamfuta. Bari mu bi naki. Fulotinki kunya shida ne, santimita 75 tsakaninsu, tsawon mita 5. Kin bar kunyar gefe ɗaya dama ɗaya hagu, kin bar rabin mita a kowane baki, kin girbe kunya huɗu na tsakiya masu tsawon mita 4. Faɗi mita 3, tsawo mita 4, murabba'in mita 12. Dalilin barin gefe shi ne masarar bakin fuloti tana satar takin maƙwabci ko tana shan hasken rata, kuma a gwajin taki wannan ya fi ɓarna, don mara taki na jingine da mai kilo 120. A wani fulotin kin sami kilo 4.2 na tsaba bayan an ɓare, na'ura ta nuna danshi kashi 20. Kin daidaita zuwa kashi 15:

```
4.2 × (100 − 20) / (100 − 15) × 10000 / 12 = 3294 kg/ha
```

Da ba a cire danshin ba, da 3,500 za a rubuta. Bambancin ya kai buhu biyu a hekta, daidai da tazarar da ke tsakanin mataki na 80 da na 120 a sakamakonki. Kuma danshi ba ya zama ɗaya a duk fulotai: masarar da ta ƙoshi da naitirojin takan daɗe da ɗanyen ganye, ta kwari ma haka, sai su zo sikeli da ruwa a jiki. Shi ya sa za a tambaye ki ko kowane fuloti kika auna wa danshi ko sau ɗaya kika auna kika shafa wa kowa.

Ki tafi da adadin tsirran da kika girbe a kowane fuloti. Da tazarar santimita 25 da tsiro ɗaya a rami, murabba'in mita 12 zai ɗauki tsiro 64, wato kusan 53,333 a hekta. Fulotin da aka girbe 48 ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma dole a san ko gara ce ta kayar, ko tsutsa ce, ko tun farko bai tsiro ba. Haka nan wuta-wuta: idan ta fito, a waɗanne fulotai? Ta fi addabar masara a ƙasar da ta gaji, don haka idan ta taru a kan tudu da fulotan da babu yuriya, wani kaso na abin da kike kira tasirin taki ko tasirin gangare ta hanyarta ya biyo. Wani tarkon kuma: tsirrai biyar da kika auna tsawonsu a kowane fuloti ba maimaici biyar ba ne. Fuloti aka zuba wa taki, don haka maimaicinki huɗu ne, matsakaicin biyar ɗin ne ke shiga lissafi.

Can wajen ƙarshe, idan an ga kin tsaya da ƙafafunki, sai a zo kan fassara. Tsakanin 80 da 120 tazarar tan 0.2 ce, ƙasa da 0.64. Kada ki ce "babu bambanci tsakaninsu" ko "daidai suke". Ki ce gwajinki bai iya nuna bambanci ba, domin da maimaici huɗu da irin wannan ƙasa, duk tazarar da ba ta kai kusan buhu shida a hekta ba za ta iya ɓuya a cikin saura. Tsakanin 40 da 80 kuwa tan 0.7 ne, ya tsallake, amma da ƙyar, kuma gara ki faɗi "da ƙyar" ɗin da kanki. Wani malamin zai ƙara da cewa tun da matakanki lambobi ne masu hawa, 0, 40, 80, 120, ya fi dacewa a zana lanƙwasar amsawar masara maimakon a yi ta gwada su bibbiyu. Yana da gaskiya. Ki zana ta: ƙarin kilo 40 na farko ya kawo tan 0.9, na biyu 0.7, na uku 0.2. Kowa zai ga inda ta fara kwanciya, kuma wannan zane ya fi haruffan a da b da ake liƙa wa lambobi bayani.

Daga nan sai tambayar da ake rufewa da ita: manomi ya tare ki a bakin gona, buhu nawa za ki ce ya saya? Yuriya kashi 46 cikin ɗari ce naitirojin, don haka kowane ƙarin kilo 40 yana nufin kusan kilo 87 na yuriya, buhu biyu ba kaɗan. Daga 40 zuwa 80, wannan taki ya dawo da buhu bakwai na masara. Daga 80 zuwa 120 buhu biyu ne, su ma ba tabbas. Ki je kasuwa a makon da za ki gabatar ki samo farashin buhun yuriya da na masara, ki sa su a allo, ki bar lissafin ya yi magana. Za a tuna miki cewa shawarar da aka saba bayarwa ga masara a yankin savana ta arewa kilo 120 ce, a tambaye ki ko kina ƙaryata ta ne. Ki ce a'a: waccan ta fito ne daga gwaje-gwaje na shekaru a wurare da yawa, naki kuwa gona ɗaya ce, damina ɗaya, iri ɗaya. A Samaru akwai gwajin takin gargajiya da na zamani da aka kafa tun 1950, saboda an san shekara ɗaya ba ta yanke hukunci a kan ƙasa. Ko gangaren nan da ya ba ki buhu goma sha biyu, a shekarar da ruwa ya yi yawa ƙasan ce za ta jiƙe, masara ta yi ɗorawa ta tsaya, tudu ya wuce gaba. Don haka ki nemo adadin ruwan da aka samu a daminar gwajinki, wata-wata, daga tashar auna ruwa mafi kusa, ki sa shi a shafi ɗaya da taswirar. Idan an ce me za ki canza da za ki sake, ki ce samfurin ƙasa daga kowane rukuni kafin shuka, kauce wa surin, da maimaita gwajin a damina ta biyu a wata gonar da ke kan jigawa.

Allah ya ba da sa'a, 'yata.